Lissafin Zango: Daga Wad Haddad zuwa Sawakin Ba Tare da Tafiyar Dare Ba

Duk wanda zai yi doguwar tafiya a mota, tambayar da yakan fara yi ita ce, ƙarfe nawa za mu tashi? A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce, ƙarfe nawa rana za ta faɗi a garin da za mu kwana? Wanda ya san amsar wannan, sai ya yi lissafi ya dawo baya, lokacin tashi ya fito da kansa. Wanda kuwa ya fara da lokacin tashi, ya bar lokacin isa a hannun sa'a, sau da yawa magariba kan riske shi a daji, da sauran tafiya a gabansa.

Zan warware wannan lissafi da hanyar da na sani, wato daga garinmu Wad Haddad zuwa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetara Bahar Maliya zuwa Jidda. Wad Haddad tana jihar Jazira a ƙasar Sudan, a yammacin Shuɗin Nilu, kan titin da ya haɗa Wad Madani da Sinnar. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu kakanninsu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Wasu kuma aikin auduga ne ya jawo su bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Saboda haka hanyar gabas ba baƙuwa ba ce a gare mu. Abin da ya sauya shi ne, tafiyar da kakanninmu suka yi da ƙafa da jaki cikin makonni, mu muna so mu yi ta cikin kwana ɗaya, kuma a wannan kwaɗayi ne haɗarin yake.

Me ya sa ake gudun dare

Hausawa na cewa dare rigar mugu, amma a wannan titi ba ɗan fashi ne babban abin tsoro ba a kwanakin zaman lafiya. Abin tsoron shi ne tazarar da ido ke gani ba ta kai tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ba. Gajeriyar fitilar mota takan haska abin da bai wuce mita 50 ko 60 ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato ya riga ya ci mita 33. Birkin kansa, a kan busasshiyar kwalta mai kyau, yana buƙatar kusan mita 40. Jimla ta haura mita 70. Ma'ana, duk abin da gajeriyar fitila ta nuna maka a wannan gudu, ka riga ka makara a kansa.

Doguwar fitila kuwa ba ta samuwa yadda ake so, domin titin layi biyu ne kawai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma shi ne ke ɗauke da manyan motocin da ke jigilar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan da tsakiyar ƙasa. Kowace tirela ta tunkaro sai ka rage fitila, ita kuma tata ta kashe maka ido na ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan lokaci ne ake cin karo da amalanken jaki marar fitila, ko motar noma mai dawowa daga gonakin dawa da riɗi na Gadarif a lokacin kaka, ko babbar mota da ta lalace aka jera mata duwatsu a baya maimakon alama. Mafi muni shi ne raƙumi. Launinsa launin ƙasa ne, ƙafafunsa dogaye, fitila takan wuce ta tsakaninsu ba ta kama gangar jikin ba, in kuwa ƙaramar mota ta share ƙafafun, jikin kan faɗo ne a kan gilashin gaba.

Hasken da ake da shi

Tunda dare ba abokin tafiya ba ne, sai a ƙirga hasken rana kamar yadda ake ƙirga guzuri. Hanya mafi sauƙi ita ce jadawalin lokutan salla, na takarda ko na waya. Layi biyu ne ake buƙata a cikinsa: layin fitowar rana, wanda jadawalin Larabci ke kira shuruƙ, da layin magariba, domin magariba tana shiga ne da faɗuwar rana. Kada a ruɗe da layin asuba. A yankinmu alfijir yana ketowa kusan sa'a ɗaya da kwata kafin rana ta fito, kuma a farkon wannan lokaci duhu ne sosai a kan titi. Hasken da direba zai iya dogara da shi, wanda zai ga jaki daga nesa ba da fitila ba, yana farawa ne kimanin minti 23 kafin fitowar rana. Haka kuma da yamma, minti 23 bayan faɗuwarta duhu ya rufe. A ƙasashen da ke can arewa mai nisa, almuru yakan ja sosai, musamman da bazararsu. A nan kuwa rana tana gangarowa ne kusan a miƙe, shi ya sa baƙo kan yi mamakin saurin shigar dare.

Wad Haddad tana kusan digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka tsawon yini bai cika sauyawa da yawa ba, amma yana sauyawa gwargwadon da zai iya ɓata tafiya. A wajen 21 ga Yuni rana tana fitowa misalin ƙarfe 5:19 ta faɗi misalin 6:16, yini ya kusa sa'a 13. A wajen 21 ga Disamba tana fitowa misalin 6:05 ta faɗi misalin 5:23, yini sa'a 11 da minti 19. Bambancin ya haura sa'a ɗaya da rabi, wato tafiyar kilomita 100 da ɗoriya.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ranar da yini ya fi gajarta ba ita ce ranar da magariba ta fi saurin yi ba. A garinmu faɗuwar rana ta fi sauri a ƙarshen Nuwamba, misalin 5:15, fitowarta kuwa ta fi jinkiri a ƙarshen Janairu, misalin 6:14. Don haka ba a cewa lokacin sanyi ne kawai a yi kirdado. A duba ainihin ranar da za a yi tafiyar.

Sai maganar agogo. A watan Janairun 2000 gwamnatin Sudan ta tura agogon ƙasa gaba da sa'a ɗaya, ya yi daidai da na Makka, sannan a ranar 1 ga Nuwamba 2017 aka mayar da shi inda yake da. Yanzu agogon Sudan yana gaban na Kano da sa'a ɗaya, yana bayan na Jidda da sa'a ɗaya. Tsohon jadawalin da aka buga tsakanin waɗannan shekaru, irin wanda har yau ake gani a bangon wasu shaguna, zai ce magariba ƙarfe 6:23 a ranar da take 5:23. Haka ma tsohuwar wayar da ba a sabunta ba. Gwajin mai sauƙi ne: kwana ɗaya kafin tafiya, a tsaya a waje a ga faɗuwar rana da ido, a dubi agogo, a dubi jadawali. In sun saɓa da sa'a guda, an san inda matsalar take.

Ranar gida da ranar masauƙi

Ga ginshiƙin maganar. Sudan duka agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta bin agogo. Duniya tana juya digiri 360 cikin sa'a 24, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu. A yankinmu digiri ɗaya daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 108 ne. Saboda haka duk kilomita 100 da ka yi gabas sak, magariba ta matso maka da kusan minti huɗu. A lokacin sanyi kuma, duk arewar da ka yi, yini yana ƙara gajarta. Mai zuwa Sawakin daga Wad Haddad gabas da arewa yake yi a haɗe, don haka a watan Disamba asara biyu yake yi.

Ga yadda abin yake a 21 ga Disamba. A Wad Haddad rana tana faɗuwa 5:23. A Kasala, wadda ke kusan digiri uku gabas da mu, tana faɗuwa misalin 5:09. A Sawakin, wadda ta haura digiri 19 arewa, tana faɗuwa misalin 4:58, tun kafin ƙarfe biyar. Wanda ya riƙe magaribar gida a kansa ya yi wa kansa ƙarin minti 25 da babu su. Minti 25 kuwa sun fi dukan hasken almuru tsawo. Lokacin da yake zaton rana za ta faɗi, a Sawakin duhu ya riga ya rufe.

Tafiyar kanta

Wani Disamba, kafin yaƙi, ni na ɗauki gwaggona da kawuna a ƙaramar mota zuwa Sawakin, za su tafi Umra. Hanyar ita ce: daga Wad Haddad zuwa Wad Madani kimanin kilomita 70, a ƙetare gadar Hantub a yi gabas ta Fawo zuwa Gadarif, kimanin 225, daga Gadarif ta Shuwak da Hashmul Girba zuwa Kasala, kimanin 220, daga Kasala ta Durdeb zuwa Hayya, kimanin 350, daga Hayya ta Sinkat a gangara duwatsun Bahar Maliya zuwa Sawakin, kimanin 145. Duka ya ɗan haura kilomita 1,000.

Gudun da ake lissafi da shi ba wanda allurar mota ke nunawa a miƙaƙƙen titi ba ne. Allura za ta iya nuna 90, amma ramuka, da bin bayan tirela ana jiran damar wucewa, da ratsa ƙauyuka, duk suna ci. Abin da na sha gwadawa a wannan hanya shi ne, in na raba nisan da na yi da sa'o'in da mota ke tafiya, yakan tsaya wajen kilomita 65 a sa'a. Kowane direba ya auna nasa, kada ya ari na wani. Da wannan gudu, kilomita 1,000 na buƙatar sa'a 15 da rabi, ban da tsayawa. Hasken da muke da shi kuwa, daga 5:42 na safe a gida zuwa 4:58 na yamma a Sawakin, sa'a 11 ne da kwata. Ko a watan Yuni ma, da yini ya fi tsawo, ba zai isa ba.

Kawu ya so a yi ta a kwana ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in muka tashi ƙarfe biyu na dare, ai kafin lisha mun isa. Kuɗin masauƙi a Kasala ma ya huta."

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. In muka yi haka, ba mu guje wa dare ba, mun raba shi biyu ne, rabi a farko rabi a ƙarshe. Rabin ƙarshen kuma a gangaren dutse zai same mu, bayan na yi sa'a goma sha biyar a kan sitiyari."

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce kakarta ta ba ta labari cewa a ayarinsu madugu ba ya tambayar nisan Makka, nisan rijiya ta gaba yake tambaya. Aka tsaya a kan zango biyu, a kwana a Kasala.

Zangon farko

Daga gida zuwa Kasala kilomita 515 ne, wato kusan sa'a takwas ana tafiya. Na rubuta tsayawar da ba makawa: rabin sa'a a Wad Madani don shan mai da duba iskar taya, minti 20 a Fawo don shayi, minti 40 a Gadarif don abinci da salla, da rabin sa'a da na ware wa shingayen bincike da ɗan miƙe ƙafa a Hashmul Girba. Sa'a biyu ke nan. Sannan na ware sa'a ɗaya ta ko-ta-kwana, wadda ba a taɓa ta sai taya ta fashe ko injin ya yi zafi.

Sai lissafin komawa baya. Rana za ta faɗi a Kasala 5:09. A cire sa'ar ko-ta-kwana, saura 4:09, shi ne lokacin da ya kamata a ce mun shiga gari. A cire sa'a takwas na tafiya, saura 8:09 na safe. A cire sa'a biyu na tsayawa, saura 6:09. Wannan shi ne ƙarshen lokacin tashi, wanda in an wuce shi an fara cin ajiya tun ba a bar gida ba. Farkon lokacin tashi kuwa shi ne sa'ad da gari ya waye, 5:42. Ƙofar tashi ke nan, daga 5:42 zuwa 6:09, ba ta kai rabin sa'a ba. Wanda ya ga wannan a rubuce ba zai bar ɗaurin kaya da sallama da maƙwabta sai da safe ba. Mun ɗaure kaya tun da dare, muka yi sallar asuba, muka karya, muka tashi 5:45.

Jerin tsayawar ma ba a banza aka tsara shi ba. Sa'ar farko arewa muke yi, rana tana fitowa ta hannun dama, ba ta dame ni ba. Amma daga gadar Hantub titi ya juya gabas, ya ɗan karkata kudu, daidai inda ranar Disamba ke fitowa. Rana a ƙasa-ƙasa cikin ido, ga ƙura a gilashi, ba ta da maraba da duhu. Tana hawa kimanin digiri 13 a sa'a, don haka rabin sa'ar da muka yi a gidan mai a Wad Madani ta yi aiki biyu: mun sha mai, rana kuma ta ɗan ɗaga yadda marfin kare ido zai iya tare ta. Mun ƙetare gada 7:20. Mai dawowa ya juya wannan lissafi, domin shi da la'asar sakaliya ne rana za ta tsaya masa a ido tsakanin Fawo da Wad Madani.

Mun shiga Gadarif ƙarfe 11 da 'yan mintoci. A ranar, rana tana karkata a Gadarif misalin 11:37, don haka bayan mun ci abinci azahar ta shiga, muka haɗa ta da la'asar, muka yi ƙasaru, kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi. Wannan ya ɗauke mana wata tsayawar a gaba.

Gadarif ce wurin yanke shawara, kuma tun a gida na rubuta iyakarsa. Daga nan zuwa Kasala sa'a uku ne da minti 25, da rabin sa'ar shingaye. In aka cire su daga 4:09, ya zama dole mu bar Gadarif kafin 12:15 in muna son ajiyarmu ta zauna cif. Daga 12:15 zuwa 1:15 ana iya tafiya, amma ana cin ajiya. In 1:15 ta wuce, a Gadarif za a kwana, ko da mota lafiya lau, ko da ana ganin rana tsaka. Amfanin rubuta wannan tun a gida shi ne, a kan hanya zuciya ba ta iya lissafi. Da azahar, rana na bisa kai, kowa cewa yake ai da sauran lokaci. Mun bar Gadarif 11:50. Bayan Shuwak taya ta yi faci, canjinta ya ci minti 35. Duwatsun Taka suka bayyana gabanmu da sauran rana, muka shiga Kasala wajen 4:15, muka nemi mai gyaran taya tun bai rufe ba. Wannan ma yana cikin dalilan isa da wuri: safayar da aka yi amfani da ita yau dole a gyara ta kafin gobe.

Zango na biyu

Nisan bai kai na jiya ba, kilomita 495, amma ya fi matsi. Daga Kasala zuwa Hayya na ba shi sa'a biyar da rabi. Daga Hayya zuwa Sawakin na rage gudun lissafi zuwa 50, na ba shi sa'a uku, saboda bayan Sinkat titi yana gangarowa daga tudu zuwa gaɓar teku ta wani wuri mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira Aƙaba, inda manyan motoci ke rarrafawa, birkinsu na wari. Tsayawa sa'a ɗaya da rabi, ko-ta-kwana sa'a ɗaya. Daga 4:58 a cire ɗaya, saura 3:58. A cire takwas da rabi, saura 7:28. A cire ɗaya da rabi, saura 5:58 na safe. Rana tana fitowa a Kasala misalin 5:56, gari yana wayewa misalin 5:33. Muka tashi 5:35.

A nan jadawali yana da iyakar da ya kamata a sani. Lokacin da yake bayarwa na mai tsayuwa a fili ne, wanda babu abin da ya tare masa yamma. Mai gangara Aƙaba kuwa duwatsu suna bayansa ta yamma, rana takan ɓuya masa tun jadawali bai ce ta faɗi ba, kwaruruka su cika da inuwa. A lokacin sanyi kuma gaɓar Bahar Maliya takan yi gajimare da ruwa, saɓanin Jazira da damina ke zuwa mata tsakanin Yuli da Satumba. Saboda haka wurin yanke shawara na wannan rana Hayya ce, iyakarsa kuwa ƙarfe 1:00. In an wuce haka da kaɗan, a tafi Sinkat a sake duba agogo kafin a fara gangara. In an wuce da yawa, a kwana a tudu. Ba a ajiye mafi wuyar hanya a mafi ƙarancin haske. Mun bar Hayya 12:20, muka gangara da rana a bayanmu, muka ga teku wajen 3:30.

Yadda ake gane lissafi ya fara karkacewa

Alama ta farko tana zuwa da wuri. In ka isa zangon farko a makare da minti 15 ba tare da wani dalili ba, to gudun da ka yi lissafi da shi ya fi ƙarfin motarka ko ƙarfin titin, kuma makarar za ta riƙa ninkuwa. Minti 15 a kilomita 70 zai zama kusan sa'a biyu a kilomita 515. Maganinta ba ƙara gudu ba ne. A sake lissafin a tsaye, a ga ko masauƙi zai matso.

Alama ta biyu ita ce sararin sama. A ƙarshen bazara da farkon damina guguwar ƙura, wadda a nan ake kira habub, takan taso da yamma ta mayar da la'asar dare. Da damina kuma koramu kan cika su tsayar da motoci. A irin waɗannan watanni yini ya fi tsawo, amma ajiyar ko-ta-kwana sai an ninka ta.

In waya ta mutu, hannu yana nan. A miƙa hannu gaba ɗaya, a kwantar da yatsu huɗu tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. A yankinmu yatsu huɗu kimanin rabin sa'a ne. In rana ta rage tafi biyu, saura sa'a guda, wato kilomita 65, ba fiye ba. In garin da ke gaba ya fi haka nisa, garin da kake ciki shi ne masauƙinka.

Alƙaluman tsayawa da na bayar na kwanakin zaman lafiya ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, ya kuma ci Wad Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025, shingaye sun ƙaru, mai ya yi wuya, garuruwa da dama sun sa dokar hana yawon dare. Mai tafiya yanzu ya tambayi direbobin da suka biyo hanyar a makon, ya ji yawan shingaye da lokacin da ake rufe shiga gari. In lokacin rufewar ya riga faɗuwar rana, daga shi za a fara ƙirgawa baya. Sa'a biyu na tsayawa za su iya zama huɗu, zango biyu su zama uku. Lokutan rana kuwa suna nan yadda suke, kuma tsarin lissafin bai sauya ba.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen ya riga ya yanka yini gunduwa-gunduwa tun kafin agogo: asuba, wayewar gari, fitowar rana, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha. Waɗannan sunaye suna bin rana ne, don haka suna tafiya tare da matafiyi. Ƙarfe biyar a Wad Haddad da ƙarfe biyar a Sawakin lamba ɗaya ce, amma a Disamba ɗaya da sauran rana, ɗaya almuru ne. In aka mayar da dukan abin da na faɗa cikin waɗannan kalmomi, sai a ce: a tashi da wayewar gari, kada a yi gaban alfijir, a yanke shawara da azahar, a sauka da la'asar ta garin da za a kwana. Agogo da jadawali aikinsu kawai su gaya maka, tun kana gida, ko nisan da ka ɗauko zai shiga tsakanin waɗannan biyun, ko kuwa sai an ƙara zango.